Kumburin ciki a tumaki da awaki: yadda za ka gane irinsa, ka sauke shi, ka hana shi dawowa

Kumburin ciki ba ya ba mai kiwo lokaci. Daga sa'ad da kwiɓin hagu na rago ya fara tashi zuwa sa'ad da zai faɗi, sau da yawa awa biyu ne zuwa huɗu, in abin ya zo da ƙarfi ma ba ya kai haka. Shi ya sa mutane ke rikicewa. Wani ya ruga ya jiƙa kanwa, wani ya kawo lemon kwalba, wani ya ce a ɗura kananzir, ana ta ɗura wa dabba abu alhali ba wanda ya tsaya ya duba irin kumburin da ke gabansa. Kumburin nan kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kumfa, akwai na iska zalla, akwai kuma wanda wani abu ne ya toshe hanyar abinci. Man gyaɗar da zai ceci dabba mai kumfa, in ka ɗura wa wadda ƙwallon mangwaro ya maƙale mata, huhu zai tafi. Don haka minti biyun da za ka ɓata kana dubawa sun fi duk abin da ke cikin kwalba amfani.

Abin da ke faruwa a cikin tumbi

Tunkiya da akuya ba su ke narkar da ciyawa da kansu ba. Cikinsu ɗaki huɗu ne, mafi girma shi ne babban tumbi, wanda ya cika ɓangaren hagu na ciki, kuma a babban rago yakan ɗauki lita 10 zuwa 15. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke tsima abin da dabba ta ci har ya zama abin da jiki zai amfana da shi. Wannan tsimi yana haifar da iska dare da rana, ko dabba tana da lafiya ƙalau. Iskar takan tashi ta taru a sama, a bisan ruwa da ciyawar da ke tumbin, tumbin ya motsa sau ɗaya ko biyu a minti, iskar ta bi hanyar abinci ta fita a gyatsa. Gyatsar tasu ba ta da ƙara sosai, shi ya sa ba a lura da ita.

Kumburi yana zuwa ne idan gyatsar ta tsaya amma tsimin bai tsaya ba. Tumbin ya yi ta cika, ya danne huhu ta gaba har numfashi ya gagara, ya kuma matse manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Abin da ke kashe dabbar ke nan, shaƙewa.

Hanya ta farko da gyatsa ke tsayawa ita ce kumfa. Idan dabba ta ci ɗanyen ganye mai laushi da yawa a lokaci guda, musamman dangin wake da gyaɗa masu raɓa a jiki, ko kuma ta ci gari da dusa mai laushi ƙwarai ba tare da busasshiyar ciyawa ba, ruwan tumbi yakan yi yauƙi. Iskar ba ta iya tashi sama ta taru, sai ta maƙale cikin ƙananan ƙwayoyin kumfa, kumfar ta cika tumbin har ta rufe bakin hanyar abinci. Dabba ba ta iya gyatsar kumfa. Akwai kuma maganar yawu: dabbar da ke tuƙa tana haɗiye yawu mai yawa, yawun nan yana rage tsami kuma yana hana kumfa kamawa. Abinci mai laushi ba ya bukatar tuƙa, saboda haka yawu ya ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Hanya ta biyu, iskar tana nan a sama yadda ta saba amma ba ta samun fita. Ko wani abu ya tsaya a hanyar abinci, kamar ƙwallon mangwaro, guntun rogo, dankali ko albasa. Ko dabba ta kwanta a gefe ta kasa tashi, igiya ta harɗe ta ko ta faɗa rami, ruwan tumbi ya rufe ƙofar. Ko kuma tumbin ne ya daina motsi gaba ɗaya, kuma babban abin da ke jawo haka a gidajenmu shi ne hatsi. Idan rago ya ci masara, dawa, gero, ragowar tuwo ko dusa fiye da abin da ya saba, halittun da ke son sitaci su yi yawa cikin 'yan awoyi, tumbin ya yi tsami sosai, halittun da ke narkar da ciyawa su mutu, bangon tumbin ya saki.

A ganina, a Gombe da Bauchi wannan na ƙarshen ne ya fi yi mana ɓarna. Ana yawan ɗora laifi a kan ɗanyar ciyawar damina, kuma tana da nata laifin, amma dabbar turke da ke cikin gari daga kwanon dusa da tukunyar tuwon jiya take samun kumburinta.

Minti biyu na dubawa

Fara janye duk abincin da ke gaban dabbar, har da na sauran dabbobin, domin abin da ya kama ɗaya yana jiran saura. Sannan ka tsaya a bayanta ka dubi ciki. A ɓangaren hagu, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, akwai wani ɗan lotsawa da kowace dabba mai lafiya ke da shi. A kumburi wurin nan yakan cika, ya tashi, wani lokaci har ya zarce gadon baya. Buga shi da yatsa. Idan ya yi tauri ya ba da sauti kamar ganga, iska ce a ciki. Idan ka danna ya lotsa, shaidar yatsanka ta ɗan jima kafin ta koma, ƙoshi ne kawai, dabbar ta cika ciki da ciyawa, bar ta ta yi tuƙarta. Idan kuma ka tura da dunƙulen hannu ka ji ruwa yana kaɗawa, dabbar ta yi laushi, ga zawo mai warin tsami, to hatsi ne ya tsimu a ciki.

Sai ka dubi baki da wuya. Dabbar da abu ya maƙale wa takan miƙa wuya, ta yi ta ƙoƙarin haɗiya, yawu na dalala ba ƙaƙƙautawa, in ta kurɓi ruwa ya dawo ta baki ko ta hanci. Shafa gefen hagu na wuya daga muƙamuƙi zuwa ƙirji, sau da yawa za ka ji dunƙulen abin a ƙarƙashin fata. Wannan dabbar ba a ɗura mata komai.

Tambayi mutanen gida abin da ta ci tun jiya. Yara sun fi kowa sanin wannan, in ba a tsorata su ba za su gaya maka cewa ta shiga ɗakin hatsi ko an zuba mata ƙanzo.

Abu na ƙarshe shi ne ka auna yawan lokacin da ya rage maka. Dabbar da ke tsaye, tana harbin ciki, tana cizon haƙora, tana kuka amma bakinta a rufe, akwai sauran lokaci. Wadda ta buɗe baki tana haki, harshe waje, dasashi ya koma shuɗi-shuɗi, tana tangaɗi ko ta riga ta faɗi, mintuna suka rage mata. Ko wacce ce a cikinsu, sa wani ya kira malamin dabbobi tun yanzu, kai kuma ka fara aiki kafin ya iso.

Rago ɗaya nake so a yi hattara da shi: wanda aka daɗe ana ciyar da shi dusa, yana yunƙuri, yana harbin ciki, yana kaɗa wutsiya, amma kwiɓinsa bai yi tauri ba. Duba ƙasan inda yake tsaye. In babu fitsari, ko ɗigo-ɗigo yake yi, tsakuwa ce ta toshe masa mafitsara, ba kumburin tumbi ba ne, kuma aikin likita ne.

A ɗauki rago guda a bi shi daki-daki

A ce ka sayo Balami mai nauyin kilo 40 daga wata kasuwar ƙauye ta wajen Kumo ko Dukku, saura mako shida Babbar Sallah. A ƙauye kara da harawa ya sani. Ya iso gida a Gombe, don murna aka cika masa kwano da dusar masara, da yamma aka ƙara masa ragowar tuwo. Washegari da hantsi ka tarar ya ƙi abinci, ba ya tuƙa, kwiɓin hagu ya tashi ya yi tauri, yana nishi, amma yana tsaye kuma ba ya dalala.

Da farko ka gyara masa tsayuwa. Ɗora ƙafafunsa na gaba a kan dandamali ko buhun yashi, gaba ya fi baya tsayi da kamar taki ɗaya ko fiye. Wannan yana janye nauyin tumbi daga huhu, yana kuma sa ruwan ciki ya koma baya ya bar ƙofar hanyar abinci. Kada ka bari ya kwanta a gefe. In ya gaji ya durƙusa, a tallafe shi ya zauna a kan ƙirji. Samo sanda mai santsi, kaurin babban yatsa, ka gitta masa a baki ka ɗaure da tsumma ta bayan kunnuwa. Zai yi ta taunar sandar, yawu ya zubo, taunar kuma tana tayar da gyatsa. Kai kuma ka sa tafin hannu a kwiɓin hagu kana murzawa da ƙarfi, daga ƙasa zuwa sama. Ban ce ka buga ba, kuma kada kowa ya hau cikin da gwiwa. Ƙaramin kumburi yakan sauka a nan, za ka ji gyatsa mai wari ta fito ɗaya bayan ɗaya.

In minti biyar zuwa goma suka wuce ba sauƙi, sai mai. Man gyaɗa na girki shi ne ya fi sauƙin samu, kuma yana aiki, domin yana fasa kumfa ya saki iskar ta taru wuri guda. Wannan rago mai kilo 40 za ka ba shi mililita 80 zuwa 100, wato babban cokalin cin abinci shida. Akuya mai kilo 20 zuwa 25 rabin haka ya ishe ta, ɗan akuya da ya fara cin ciyawa cokali ɗaya. Shagunan maganin dabbobi suna sayar da maganin kumburi na ruwa, yawanci mai sinadarin simetikon a ciki, in kana da shi bi ma'aunin da ke jikin kwalbar.

Yadda ake ɗurawa ya fi abin da ake ɗurawa muhimmanci, don a nan ake kashe dabbobi da niyyar taimako. Cire sandar. Riƙe haɓarsa yadda kai zai tsaya daidai, hanci bai fi tsayin ido ba. Kada a ɗaga kan sama, kada a kama harshe, kada a toshe hanci. Ɗauki babban sirinji marar allura, sa shi ta gefen baki inda babu haƙora, ka kai shi bisa bayan harshe, ka matsa kamar mililita 10, ka jira ka ga ya haɗiye, sannan ka ƙara. Da ya yi tari, tsaya, sauke kansa ƙasa. Akuya takan yi kuka ana cikin ba ta, kuma duk lokacin da take kuka hanyar numfashinta a buɗe take, saboda haka jira ta yi shiru. Man da ya shiga huhu ba ya fita, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da tari su biyo.

Bayan man, mayar da shi kan dandamali, ci gaba da murza kwiɓin domin man ya gauraya da abin da ke ciki, ka riƙa ɗan zagayawa da shi a tsakar gida a hankali. In kumfa ce, cikin minti 15 zuwa 30 za ka ga canji. In ya ɗan sauka ya tsaya, ana iya maimaita man sau ɗaya. Fiye da haka zawo kawai za ka jawo.

Kananzir da baƙin mai ba su da wuri a bakin dabba. Kananzir yana ƙona hanyar abinci, ɗan kaɗan ya shiga huhu ya gama da ita, naman ma ya ɗauki wari. Lemon kwalba kuwa iska da sukari ne, abu biyun da suka yi wa tumbin yawa tun farko. Kanwa tana da amfaninta wajen rage tsami, zan zo kanta, amma ba ta fasa kumfa kuma ba ta fitar da iskar da ta riga ta taru.

Tiyo

Idan mai bai yi ba, ko kuma kwiɓin ya yi tauri ƙwarai tun farko, hanya mafi kyau ita ce zura tiyo ta baki zuwa tumbi. Ita ce kuma ke raba gardama tsakanin kumfa da iska. Ina ba duk mai dabba fiye da biyar shawara ya sa malamin dabbobi ya nuna masa wannan aiki da hannu a ranar da babu gaggawa, domin karatu kaɗai ba ya isa.

Ana bukatar tiyon roba mai laushi, faɗinsa kamar santimita 1, tsawonsa kamar mita 1, a goge bakinsa ya yi santsi. Auna shi a jikin dabbar daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe, ka yi alama. Turamen rago suna datse roba, saboda haka a sa guntun bututu mai tauri a bakinsa, tiyon ya bi ta ciki. Shafa wa tiyon mai, tura shi a hankali bisa harshe, ka ba dabbar dama ta haɗiye shi da kanta. In ya bi hanyar abinci za ka ji ɗan turjiya, kuma za ka iya gani ko ka taɓa shi yana wucewa ta gefen hagu na wuya. In ya shige sulluɓ ba turjiya, dabbar tana tari, iska tana fita da shiga daidai da numfashinta, hanyar huhu ya bi, zare shi ka sake.

Da ya isa tumbi, in iska zalla ce za ta fito da ƙarfi da wari, kwiɓin ya faɗa a gaban idonka. Kawar da fuskarka. Ka ɗan matsa tiyon gaba da baya, wani yana danna kwiɓin. In ɗan kaɗan ya fito sannan kumfa koriya ta toshe tiyon, ka san kumfa ce, sai ka zuba man ta cikin tiyon kai tsaye, wanda ya fi ɗurawa ta baki aminci. In tiyon ya tsaya cak a tsakiyar hanya, akwai abin da ya maƙale. Kada ka tura da ƙarfi, kada kuma ka sa sanda, hanyar abinci in ta yage ba ta gyaruwa. Abin da ke sama a wuya ana iya tatso shi da yatsu a hankali zuwa baki, wanda ya yi ƙasa a bar wa likita. Lokacin zare tiyo, lanƙwashe bakinsa na waje tukuna, don kada abin da ya rage a ciki ya zube a hanyar numfashi.

Idan ta faɗi

Dabbar da ta faɗi tana haki da baki buɗe ba a ɗura mata komai, kuma ba lokacin neman tiyo. Abin da ya rage shi ne huda tumbi ta kwiɓi. Likitoci suna da ƙarfen da aka yi don wannan aiki, in babu shi babbar allura mai lamba 14 ko 16, tsawon santimita 4 zuwa 5, tana yi. Hagu ake hudawa, hagu kaɗai, domin dama hanji ne. Wurin shi ne tsakiyar fili mai kusurwa uku da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe, tsinin ƙugu da gefen ƙashin baya, inda kumburin ya fi tashi. Goge da sifirit ko aidin in yana kusa, ka soka da ƙarfi sau ɗaya, bakin allurar yana fuskantar ƙasa da gaba, wajen gwiwar ƙafar gaba ta dama. Riƙe ta danne da fata, domin tumbin yana faɗawa yana janyewa daga allurar. In kumfa ce allurar za ta toshe nan da nan, sai ka tura man ta cikinta da sirinji.

Huda tana da haɗari. Ruwan tumbi yana iya ɗiga cikin kogon ciki ya haifar da ruɓa, shi ya sa dole likita ya ga dabbar a ranar, ya duba wurin, ya yi mata allurar da ta dace. Wuƙa kuwa ba ta mai gida ba ce, yankan kwiɓi aikin likita ne.

In babu allura, babu likita, kuma dabbar tana tafiya, yanka ta ya fi barin ta zama mushe. Amma wadda aka tarar ta riga ta mutu da kumburarren ciki, kada a yanke hukunci cewa kumburi ne ya kashe ta, kowace gawar dabba tana kumbura a zafin nan namu. In akwai baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe, kada a taɓa da hannu, a sanar da ofishin dabbobi, domin akwai cutar saifa da ke kama mutane.

Bayan iska ta fita

Mu koma kan Balaminmu. Iska ta fita, ya samu numfashi, amma tsamin da hatsi ya haifar yana nan, kuma shi ne ke iya kashe shi gobe ko jibi. Yanzu ne lokacin rage tsami. Narka babban cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ka ba shi a hankali yadda aka ba da man. In babu, jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan, tsararriya, tana rage tsamin. Dalilin da ya sa ba a fara da su ba shi ne, in suka haɗu da tsami su ma iska suke haifarwa, kuma tumbin da ya cika ba ya da wurin ƙari. Banda guda: in kana zargin dabbar ta lashi takin zamani na yuriya, wanda a damina ake ajiyewa a zaure, tana rawar jiki tana dalala, soda da kanwa ƙara mata ciwo za su yi.

Kada ka bar shi ya kafa kai a bokiti ya sha ruwa har ya ƙoshi a yinin farko, ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Abinci kuwa busasshiyar ciyawa ko harawa mai kara-kara kawai, kwana biyu zuwa uku, babu dusa ko ƙwaya ɗaya. Sa kunnenka a kwiɓin hagu safe da yamma: in kana jin ƙugi sau ɗaya ko biyu a minti, tumbi ya farfaɗo, in ya fara tuƙa kuma an tsallake. In kwana ya zagayo babu tuƙa, idanu sun faɗa, zawo ya tsinke, yana taka ƙasa kamar kofato na masa zafi ko yana ɗaga kai sama yana tangaɗi, yana bukatar ƙarin ruwa ta jijiya da allurar bitamin, wannan kuma hannun likita ne. Wata dabara da likitoci ke yi ita ce a karɓo abin cikin tumbin lafiyayyar dabba da aka yanka yanzu a kwata, a tace ruwan, a ba marar lafiya kofi ɗaya ko biyu tun yana da ɗumi. Halittun da suka mutu ake mayar masa.

Dabbar da kumburi ke dawo mata kowane mako, tana ramewa, ga ciki ƙato, a shafa ƙasan cikin. Awakin da ke yawo a bola suna tara leda a tumbi, za ka ji dunƙule mai tauri. Mai ba ya fitar da ita, sai tiyata.

Ciyarwa

Halittun tumbi suna bukatar kamar mako biyu kafin su saba da sabon abinci. Kusan duk rigakafin kumburi a kan wannan yake.

Rago mai kilo 40 yana cin busasshen abinci kilo 1.2 zuwa 1.5 a yini. Aƙalla rabin wannan ya zama abu mai sa tuƙa: harawar wake, harawar gyaɗa, ƙowa, busasshiyar ciyawa, yankakken kara. Da za a sake kawo Balamin nan gida, ga yadda ya kamata a yi. Kwana ukun farko harawa da ruwa, da dusa giram 100 kacal a yini. Duk bayan kwana uku a ƙara giram 100, har a kai giram 500 a ƙarshen mako na biyu, a raba biyu, safe da yamma. Kai gwangwanin da kake awo da shi wurin mai sikeli sau ɗaya ka san nauyin cikinsa, domin dusar alkama da ta masara ba nauyinsu ɗaya ba, ta injin unguwa ma wani lokaci rabinta gari ne. Kullum harawa ce farko, bayan rabin awa dusa ta biyo. Kashinsa ne zai gaya maka ko ka yi sauri: muddin yana fita ƙwaya-ƙwaya lafiya lau, da ya fara dunƙulewa ko ya yi ruwa, koma ma'aunin baya ka tsaya kwana uku.

In dusar da ya saba ta ƙare ka sayo wata iri, gauraya su na 'yan kwanaki. In ya yini bai ci ba saboda tafiya ko kasuwa, kada a rama masa da ninki. Dusar da aka dama da ruwa a ba shi nan take, wadda ta kwana ta yi tsami a zubar. Ragowar tuwo, shinkafa da burodi duk hatsi ne, a lissafa su cikin giram 500 ɗin nan, ba ƙari a kai ba, kuma wanda ya yi fumfuna ba na dabba ba ne. Ranar suna ko biki a sa ido sosai, ranar ce ake juye wa akuya rabin tukunya. Inda dabbobi ke ci tare, babba yana cinye rabon ƙanana, shi ne kuma za ka tarar ya kumbura, saboda haka a raba musu kwano. Rogo, dankali da makamantansu a yanka su ƙanana, ɓawon rogo a shanya shi ya bushe sarai. Ƙofar ɗakin hatsi a sa mata sakata da akuya ba za ta iya turewa ba.

A farkon damina, wajen watan Yuni, dabbobi sun fito daga rani da yunwa, ga sabon toho mai ruwa. Kafin a sake su da safe a ba su busasshen abu su rage yunwa, a jira rana ta ɗaga raɓa ta bushe. Ranar farko awa ɗaya ta isa, a riƙa ƙarawa har mako ya cika. Ɗanyen ganyen wake ko na gyaɗa da aka yanko, a baza shi ya sha iska ya yi yaushi na wasu awoyi, kada a tara shi cikin buhu ya yi zafi. Da kaka, in za a saki dabbobi a gonar da aka girbe, a tuna akwai zangarniya da ƙwayar da ta zube, a taƙaita musu lokaci a kwanakin farko. Gyauron dawa kuwa, sabon tohon da ke fitowa bayan an sare kara, a hana su shi sam. Gubar da ke cikinsa tana kashewa cikin ƙasa da awa guda, dabba tana haki tana karkarwa, mutane su ɗauka kumburi ne, alhali mai ba ya yi mata komai.

A rataye jaka ɗaya kusa da turke, a sa kwalbar man gyaɗa, babban sirinji, tiyo da guntun bututunsa, allura biyu a cikin ledarsu, ƙullin bekin soda da sifirit. Lambar malamin dabbobi a rubuta ta a bango inda uwargida da manyan yara za su gani, a kuma nuna musu yadda ake ɗaga gaban dabba da yadda ake ba da mai, domin kumburin dusar safe yakan tashi ne da rana, lokacin da mai gida yana kasuwa ko wurin aiki.